Idan Maki Ya Zo Ɗaya Kuma Gurbi Bai Isa Ba: Yadda Ake Raba Kunnen Doki a Ɗaukar Ma'aikatan Lafiya na Karkara

Duk lokacin da aka liƙa sunayen waɗanda za a kira intabiyu a bangon sakatariyar ƙaramar hukuma, akwai koken da ba ya rasa fitowa: "Makinmu ɗaya da wane, an kira shi, ni ba a kira ni ba." Daga nan sai zance ya rabu. Wasu su ce ai da ma sai mai uwa a gindin murhu, wasu su ce kwamfuta ce ta yi kuskure. Wani lokaci akwai gaskiya a zargin. Amma sau da yawa abin da ya faru shi ne mutane da dama sun yi kunnen doki a daidai inda aka ja layi, kujerun da suka rage ba su kai yawansu ba, kwamiti kuma ya raba su ta wata hanya da bai faɗa wa kowa ba, ko kuma ta hanyar da shi kansa bai lura ya bi ba.

Wannan sharhi zai ɗauki ɗaukar ma'aikatan lafiya na matakin farko, irin waɗanda ake turawa ƙananan asibitocin ƙauyukan Jigawa, don a ga daga ina kunnen dokin yake tasowa da kuma yadda ake raba shi ba tare da an tauye kowa ba.

## Matakan da ake magana a kansu

Ɗaukar aiki na gwamnati yakan bi matakai uku. Na farko tantance takardu: wanda ba shi da shaidar kammala karatun da aka nema, ko ba shi da rajista da hukumar da ke ba ma'aikatan lafiyar al'umma lasisi, a nan yake tsayawa. Na biyu tacewa: a ba kowa maki, a jera daga sama zuwa ƙasa, a ɗebi adadin da za a iya yi wa intabiyu. Na uku intabiyun kansa. Maganarmu a kan mataki na biyu take.

Adadin da ake kira yana da iyaka saboda kwamiti mutane ne masu wasu ayyukan, kwanakin zama ƙidayayyu ne, kuɗin zaman ma haka. Wata al'ada da ake yawan bi ita ce a kira mutum uku ga kowane gurbi. Layin yankewa shi ne makin mutum na ƙarshe da ya shiga cikin adadin. Kunnen doki da ya faru a saman jeri ko a can ƙasa ba ya damun kowa, domin ko duka sun shiga ko duka sun fita. Wanda ya faru a kan layin shi ne matsala. Ma'aunin raba gardama kuwa shi ne ƙarin abin da ake dubawa don fifita wani a kan wani bayan jimillar maki ta gaza yin hakan.

## Dalilin da ya sa maki ke yawan haɗuwa

Mutane suna ɗaukar kunnen doki a matsayin abin da ke faruwa jefi-jefi. Lissafi bai nuna haka ba. A ɗauki jarrabawar kwamfuta mai tambaya 50, kowace da maki 2. Makin da mutum zai iya samu iri 51 ne kacal, daga sifili zuwa 100. Idan mutum 600 suka zauna, kuma akasarinsu suka faɗa tsakanin 40 da 80, to kusan mutum 600 ne za su rabu a kan lambobi 21, wato kusan mutum 28 a kan kowace lamba. Ko ina aka ja layi, a tsakiyar taro zai faɗa.

Takardar ba da maki ma tana ƙara yawan haɗuwar. Idan aka ce shekarar aiki ɗaya maki 10 ce, har zuwa shekara uku, to wanda ya yi shekara uku da wanda ya yi bakwai duk 30 za su samu. Kamar awon gero ne da tiya: buhu biyu za su iya ba da tiya iri ɗaya alhali akwai 'yar tazara a tsakaninsu da tiyar ba ta iya gani. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, domin ma'auni mai sauƙi ya fi wuyar murɗewa. Abin da yake nufi kawai shi ne kwamitin da ya fara aiki ba tare da ya tanadi hanyar raba kunnen doki ba ya bar wani yanki na hukuncinsa a buɗe.

## Rabon da ke faruwa ba da sanin kowa ba

Kafin a zo ga son kai, akwai wata hanyar rashin adalci da ba ta buƙatar mugun nufi. Ma'aikacin da ke riƙe da kwamfuta yakan zuba sunaye da maki a Excel, ya danna Sort, ya jera daga babba zuwa ƙarami, ya ƙirga adadin da za a kira, a ce 18 na sama, ya buga. Manhajar ba ta taɓa tsarin waɗanda makinsu ya zo ɗaya. Yadda ta same su haka take barin su. Idan da ma an jera sunayen ne bisa haruffa, Abdullahi da Aisha za su tsallake, Yusuf da Zainab su faɗo ƙasan layi. Idan bisa lambar fom aka jera, wanda ya riga cikewa shi zai shiga.

Wannan na biyun yana da nauyi a karkara. Wanda ke zaune a Dutse ko Haɗeja yakan ji labarin buɗe shafi a ranar, ga shagon intanet a kusa da shi. Wadda ke wani ƙauye a Birniwa ko Gwaram mai yiwuwa sai ranar kasuwa labari zai iske ta, sannan ta nemi kuɗin mota zuwa inda akwai sabis. Ta cike fom ɗinta cikin wa'adi kamar kowa, amma lambarta ta zo can baya. Idan lambar ce ta raba gardama, nisa da gari aka auna.

Gane wannan ba shi da wuya. A dubi waɗanda suka tsallake da makin layi: idan duk sunayensu da harafi ɗaya ko biyu na farko suka fara, ko lambobin fom ɗinsu duk ƙanana ne, to ba wanda ya yanke hukunci, tsarin takarda ne ya yanke. Shi kuma mai kwamfuta zai iya ganowa tun kafin ya buga. Idan jimillar maki tana layin F, an jera, kuma mutum na 18 yana jere na 19 saboda kanun da ke sama:

```
=COUNTIF(F:F,F19)
```

Idan amsar ta wuce 1, akwai masu maki ɗaya da na ƙarshen, sai a duba ko wasunsu sun faɗo ƙasan layi, a kai wa kwamiti kafin a fitar da komai.

## Misali: mutum bakwai, kujera uku

Wannan misali ne da aka tsara don bayani. A ce ana neman ma'aikatan lafiyar al'umma shida don ƙananan asibitocin wata ƙaramar hukuma, za a kira 18. Makin ya kasu uku: jarrabawar sanin aiki 50, gogewa 30 bisa maki 10 ga kowace shekara, sai ƙarin horo 20 bisa maki 5 ga kowane horon da ke da shaida, kamar na rigakafi ko na kula da yara masu tamowa. Mutum 15 sun haura maki 68, sun shiga. Sai aka sami mutum bakwai cif a kan 68, kujeru kuma saura uku. Ga yadda makinsu ya kasu, jarrabawa, gogewa, horo:

Ta ɗaya: 48, 10, 10
Na biyu: 48, 20, 0
Ta uku: 38, 30, 0
Na huɗu: 38, 20, 10
Ta biyar: 38, 10, 20
Na shida: 28, 30, 10
Ta bakwai: 28, 20, 20

Idan ƙa'idar ta ce a fara da sashen da ya fi nauyi, wato jarrabawa, ta ɗaya da na biyu sun shiga da 48. Kujera ɗaya ta rage, mutum uku kuma suna da 38. Sai a sauka zuwa gogewa, ta uku ta ɗauka da 30.

Yanzu a juya tsarin, a ce gogewa ce ta farko. Ta uku da na shida sun shiga da 30. Mutum uku suna da 20, a cikinsu na biyu ya fi a jarrabawa, ya ɗauki kujerar ƙarshe. Ta ɗaya, wadda ta shiga a sahun gaba ɗazu, ta fita. Na shida, wanda ko kusa bai zo ba, ya shiga. Idan kuma horo aka sa a gaba, jarrabawa ta biyo baya, ta biyar da ta bakwai ne za su shiga tare da ta ɗaya. Cikin bakwai ɗin, shida za su iya samun kujera, ya danganta da abin da aka fara dubawa.

Dukkan ma'aunan nan uku sun shafi aikin, kuma kowanne ana iya kare shi da hujja. A nan ne haɗarin yake. Ɗan kwamitin da ya san cewa na shida ɗan 'yar'uwarsa ne ba ya buƙatar ya taɓa maki ko ɗaya. Ya ishe shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a ganina aikin ƙauye gogewa yake so," kuma maganarsa za ta yi ma'ana a kunnen kowa. Saboda haka dangantaka da aiki kaɗai ba ta wadatar ba. Sai an haɗa da sharaɗi na biyu: a rubuta ma'aunan da jerinsu, wanne ne na farko, wanne ne na biyu, a sa hannu da kwanan wata, kafin kowa ya ga suna ko maki. Mafi kyau ma a sa su cikin sanarwar neman ma'aikata. Idan an riga an makara, an ga kunnen dokin kafin a yi ƙa'ida, abin da ya rage shi ne a rufe sunaye da rabe-raben makin, a ba wani wanda bai ga jerin ba ya tsara ma'aunan daga takardar bayanin aikin.

Wanne ya kamata ya zo farko? Masu fifita jarrabawa suna cewa ita ce abin da kowa ya yi a rana ɗaya, a yanayi ɗaya, kuma ba a sayo ta da takarda. Masu fifita gogewa suna cewa ma'aikacin ƙauye sau da yawa shi kaɗai ne a asibitin, ba likita a kusa, don haka wanda ya taɓa riƙe wuri ya fi wanda ya iya amsa tambaya. Hanyar da ta fi sauƙin karewa ita ce a bi nauyin da aka riga aka ba kowane sashe: tunda kwamiti da kansa ya ba jarrabawa 50, ya riga ya faɗi abin da ya fi muhimmanci a wurinsa. Idan yana ganin gogewa ce ta fi, wurin gyaran shi ne rabon makin tun farko.

Gogewar ma tana da nata rauni. A asibitocin karkara akwai masu aikin sa-kai da suka yi shekaru ba albashi, kuma mutanen gari suna ganin hakkinsu ne a fara da su. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai takardar shaidar sa-kai abu ce da ake iya samu daga hannun mai kula da asibiti ba tare da an yi aikin ba, don haka ana tabbatar da ita da rajistar halartar aiki ko jadawalin dutin da sunan mutum ya fito a ciki. Sannan ba kowa ke iya shekara uku ba albashi ba. Wanda gidansu ba hali dole ya tafi neman abinci.

## Ma'aunan da ake jayayya a kansu

Akwai waɗanda ba su da wurin zama ko kaɗan: takardar babban mutum, katin jam'iyya, dangantaka da ɗan kwamiti. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, asalin garinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sauran kuwa sai an yi musu kallon tsanaki.

Shekaru na daga ciki. Wasu kwamitoci sukan fifita babba, don shi damarsa ta kusa ƙarewa. Wasu sukan fifita ƙarami, don zai daɗe yana aiki. Kasancewar ana iya juya hujjar ta kowace fuska ya nuna ba daga aikin ta fito ba. Ga kuma yadda takardar rantsuwar shekaru take da sauƙin samu. Haka batun babbar takarda: mai digiri a wani fanni daban bai fi mai difloma iya duba mai ciki ba, kuma shi ne ya fi saurin neman canjin wuri zuwa birni.

Zama ɗan yankin shi ne mafi sarƙaƙiya. Masu goyon baya suna da abin nunawa: a ƙasar Haɗeja, wuraren Auyo, Guri da Kiri Kasamma, ambaliya takan yanke hanya da damina, ma'aikacin da ke zuwa daga nesa kuma sai ya yi kwanaki bai leƙo ba. Sashe na 14(4) na Kundin ma ya umarci gwamnatocin jiha da ƙananan hukumomi su lura da bambancin al'ummar da ke ƙarƙashinsu wajen tsara hukumominsu. Masu suka kuma suna cewa takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma asalin kakanni take nunawa, ba ta nuna inda mutum yake kwana; akwai mai riƙe da ita da bai taɓa shekara a garin ba. Abin da aikin yake buƙata shi ne mutum ya zauna a wurin kuma ya iya magana da marasa lafiya. Waɗannan ana iya auna su kai tsaye: alkawarin zama a rubuce na wani wa'adi, da gwajin harshe inda masu zuwa asibitin Fulatanci ko Barbarci suka fi ji. Idan kuma gwamnati ta yanke cewa za a raba guraben ne mazaɓa-mazaɓa, sai a faɗa a sanarwa, a yi jerin kowace mazaɓa daban, kowa ya san da wa yake takara.

Jinsi ma haka. A ƙauyuka da dama mata ba sa sakin jiki da awon ciki ko haihuwa a hannun namiji, don haka buƙatar ma'aikaciya mace buƙata ce ta aiki. Wurin bayyana ta shi ne lokacin fitar da guraben, a ce kaza na ɗakin awo da haihuwa ne. Idan aka ɓoye ta sai a wurin raba kunnen doki, namijin da aka bari zai ga an canza masa ƙa'ida a tsakiyar hanya. Game da masu buƙata ta musamman, dokar tarayya ta 2018 da ta hana nuna musu bambanci ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Hukumar da ba ta kai wannan adadi ba tana da hujjar fifita mai naƙasa idan maki ya zo ɗaya, muddin ta rubuta haka tun farko.

## Idan duk ma'aunan sun ƙare

A koma misalin, a ce ta uku da na huɗu sun zo ɗaya a dukkan sassa uku. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira su duka, jerin ya zama 19. Kuɗinta bai wuce ƙarin minti ashirin ko talatin na zama ba, kuma adadin 18 da ma don sauƙin aiki aka sa shi. Wannan yana yiwuwa idan rarar mutum ɗaya ce ko biyu. Idan talatin ne a kan layin, ba ya yiwuwa, sannan kiran mutum daga ƙauye mai nisa ya kashe kuɗin mota alhali damarsa 'yar kaɗan ce shi ma nauyi ne a kansa.

Hanya ta biyu gajeren gwajin aiki ne ga masu kunnen dokin kawai. A miƙa wa mutum tef ɗin auna damtsen yaro, a ga ko zai nemo tsakiyar hannu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ko zai ja tef ɗin ba matsewa ba sakwarkwacewa, kuma ko ya san cewa ƙasa da santimita 11.5, inda tef ɗin ya yi ja, tamowa ce mai tsanani. Ko a ba shi ƙunshin gishirin gudawa ya haɗa a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta yana yi wa uwa bayani da Hausa. Gwajin yana zama adali ne idan aiki ɗaya aka ba kowa, lokaci ɗaya, aka rubuta abin da ake nema kafin a fara, kuma mutum biyu suka ba da maki kowa a takardarsa ba tare da shawara ba.

Ta ƙarshe ita ce ƙuri'a. Wasu suna ƙyamarta, suna ganin kamar kwamiti ya guje wa aikinsa. Amma idan an auna duk abin da ya shafi aikin an ga babu bambanci, duk wani dalilin da za a ƙirƙiro bayan nan ƙofa ce ta son rai. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, malaman fiƙihu kuma sun kafa hujja da wannan wajen amfani da ita inda hakkoki suka yi daidai. Sharaɗinta shi ne ta zo a ƙarshe, kuma a yi ta a fili: lambobin fom a takardu iri ɗaya, a gaban masu abin ko wakilansu, wanda ba ɗan kwamiti ba ya zaro, a rubuta sakamakon nan take.

## Abin da wannan ke nufi ga mai nema da kuma gari

Wanda aka bari a kan layi yana da tambayoyi uku da zai iya yi a rubuce, cikin ladabi, ga shugaban kwamiti: mutum nawa ne suka sami makin layi, wane ma'auni aka bi aka raba su, kuma yaushe aka amince da ma'aunin. Kwamitin da ya yi aikinsa daidai zai iya amsawa da takarda ɗaya, ba tare da ya fallasa makin kowa da suna ba, tunda lambar fom ta isa. Idan ba a sami amsa ba, akwai hukumar da ta ba da aikin, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda ke da ofis a jihohi kuma ba a biyan kuɗi don shigar da koke.

Ga mutanen gari kuwa, tasirin yana bayyana ne bayan watanni. Inda aka raba da takardar manya, ana yawan ƙarewa da ma'aikacin da zai yi amfani da takardar nan ɗin ya nemi a mayar da shi birni, asibitin ya koma hannun ɗan sa-kai. Su ma hakimai da kansiloli rubutacciyar ƙa'ida tana rage musu nauyi, don suna da abin da za su nuna wa mai zuwa roƙo.

Akwai kuma abin da kwamitoci ke yawan mantawa. A kowane intabiyu akan sami wanda bai zo ba, ko wanda takardunsa na asali suka saɓa da abin da ya cike. Saboda haka mutum huɗun da suka rage a misalinmu ana jera su ne da ma'aunan nan dai: na huɗu, ta biyar, na shida, ta bakwai. A liƙa wannan jerin jiran tare da na farko, a kuma ajiye lambar waya biyu ga kowannensu, tasa da ta wani na kusa da shi, domin a ƙauyen da sabis ke ɗaukewa kira ɗaya da bai shiga ba bai isa a tsallake mutum a wuce ga na bayansa ba.